Huɗu da Rabi

A layinmu ba wanda ya taɓa kiransa da sunan yanka. Saura Gashi ake ce masa, tun daga yara har masu furfura, shi kuma yana amsawa ba tare da ya ɗago kai ba. Asalin sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Ka kai masa aiki, ka dawo bayan kwana biyu ka ce, "Malam, an gama?" sai ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ce, "Saura gashi." Wato abin da ya rage a cire daga jikin ƙarfen bai wuce kaurin gashi ɗaya ba. Gashin nan kuwa yakan cinye maka yini guda. Akwai wanda ya rantse cewa ranar ɗaurin aurensa ma, da aka tambaye shi ko ya shirya, abin da ya faɗa ke nan.

Sana'arsa sassaƙar ƙarfe ce a kan inji. Shekara talatin da 'yan kai yana tsaye gaban inji ɗaya, a shago ɗaya, bayan tashar manyan motoci, har siminti ya lotsa daidai inda ƙafafunsa ke zama. Gajere ne, ga faɗin kafaɗa, ga hula da mai ya ci har ba a san asalin launinta ba. Ba ya hira, ba ya dariya sai an yi da gaske. In ka tsokane shi sai ya dube ka kamar yana auna inda zai rage maka.

Abin da ya yi suna a kai shi ne doguwar sanda mai tsukewa, irin wadda gindinta ya ɗan fi bakinta kauri, kaɗan-kaɗan, yadda ido ba zai gane ba sai an auna. Injin nasu tsoho ne, ba shi da na'urar da ke yanka tsukewa da kanta, ƙaramin keken da wuƙar yankan ƙarfe ke kai kuma tafiyarsa ba ta wuce tafin hannu ba. Saboda haka hanya ɗaya ce. A ɗora sandar tsakanin tsini biyu, ɗaya a wajen kan injin, inda ake juyawa, ɗaya a wutsiyarsa, wato ɗaya ƙarshen. Sai a kwance wutsiyar, a goce ta gefe, wajen mai aiki, ɗan mitsitsi. Sanda ta karkace ke nan, wuƙa kuwa tana tafiya a miƙe abinta, sai ta ci da yawa a wajen wutsiya, ta ci kaɗan a wajen kai. Duk sirrin yana cikin mili nawa, wato milimita nawa, za a goce. Masu sana'a da yawa sai sun yanka, su auna, su sake gocewa, su sake yanka, har rana ta faɗi. Shi Saura Gashi sau ɗaya yake gocewa. Zai je gida cin abincin rana, ya dawo, ya ɗaura agogon awo a jikin wutsiya, ya murɗa kusa har allura ta tsaya inda yake so, shi ke nan. Abokan aikinsa sukan ce lissafin a cikin abincin yake.

Ba su san gaskiya suka faɗa ba.

Katangar da ke tsakanin gidansu da na kusa langa-langa ce, ko tari ka yi sai an ce maka sannu. Saboda haka mu maƙwabta mun san abin da shago bai sani ba, muka kuma riƙe bakinmu, wanda a layinmu wannan kansa abin a rubuta ne. Saura Gashi ya iya karanta ma'auni, ya iya tarawa da cirewa, ya iya raba abu biyu. Amma da zarar an ce ninka wannan da wancan, raba da wancan, sai kansa ya ɗauki zafi kamar ƙarfen da aka manta ba a zuba wa ruwa ba. Matarsa ce mai lissafin. Mai Keke muke kiranta, don ɗinki take yi a ƙofar ɗaki, tsayin rai da tef ɗin awo a wuya. Aji huɗu kawai ta yi a makaranta, amma mace ce da za ta dubi yadi ta gaya maka riga nawa zai fitar da abin da zai rage na aljihu.

Kullum da rana zai shigo, ya cire hula, ya juya cikinta. A nan yake rubuta lambobi huɗu da alli: kaurin gindi, kaurin baki, tsawon wurin tsukewa, da tsawon sanda gaba ɗaya. Ya karanta mata, ya jawo kwano. Ita kuma ƙafarta na kan keke, bakinta na rerawa kamar mai lallashin jariri:

"Babba cire ƙarami, raba biyu. Ninka da sanda duka, raba da wurin tsukewa."

Kafin ya kai loma ta biyar ta faɗa masa amsa. Wani lokaci ya ce, "Kin tabbata?"

"In ba ka yarda ba kai wa kishiyata ta duba."

"Wace kishiya?"

"Wadda kake tsayawa gabanta tun safe kana shafa mata mai. Ni ko man kitso ba ka taɓa saya mini ba."

Haka suka yi shekara talatin. Ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya, har ya kai ga ya daina auna gindin sanda in yana yanka. Bakin kawai yake bi da ma'auni, don ya san in baki ya zo daidai gindi ma zai zo. Waƙar kuwa farkonta kawai ya riƙe. Lokacin da take kaiwa ƙarshe shi bakinsa cike yake da abinci. Haihuwa sun yi uku, ba wanda ya zauna. Su biyu ne a ɗaki da falo, da keke, da hular nan.

Ran wata Talata da hantsi keken ya yi shiru a tsakiyar ɗinki. Matar da ta kawo gyaran zane ce ta same ta a ƙasa, gefen goshinta ya bugi bakin teburin keken ya kumbura ya yi baƙi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Idanun dai suna nan yadda suke, suna bin kowa, suna gane komai. In ta yi ta fama takan fitar da guntun kalma, a ja, ba hawa ba sauka, yadda sai ka yi ta canka.

Da aka sallamo ta, ƙanwarta, autarsu, ta tare a gidan don jinya. Auta mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya jiran kanta. Babban wansu kuma, wanda suke kira Yaya Babba, tsohon direban tirela mai muryar da ba ta san ɗaki ba, tun ranar farko ya tsaya a tsakar gida ya ƙare wa wurin kallo.

"Nan za ta yi jinya? Kai kana shago tun safe. Gidana akwai mata, akwai fili. Ka bar ni in tafi da ita."

"Yaya, a nan ta saba."

"Sabo ba magani ba ne." Ya nuna goshin. "Wannan kuma fa?"

"Tebur ne ta buga."

"Tebur," in ji Yaya Babba, ya maimaita kalmar kamar yana ɗanɗana ta. Tun asali bai so auren ba, yana ganin mutumin da ba ya dariya akwai abin da yake ɓoyewa.

Daga ranar Saura Gashi ya san abu ɗaya: ana neman dalili ne kawai a ɗauke masa ita, kuma in ta fita ƙofar nan ba za ta dawo ba. Sai ya shiga yin abin da bai taɓa yi ba. Ya koyi juya ta, ya koyi ba ta ruwa da cokali ta gefen bakin da ke aiki, ya wanke zannuwa ya shanya a igiya a idon kowa. Da masu zaman bencin layinmu suka ce, "Saura Gashi, wankin ya fita?" bai ko juyo ba. A shago kuwa Allah ya rufa asiri, mako uku ba a kawo aikin tsukewa ba, sai gyaran zaren noti da buhunan kusoshi.

A mako na huɗu mai injin matse mai ya iso da sanda a bayan mota, mutum biyu suka sauke. Ta injinsa ta karye, aiki ya tsaya, ma'aikata suna zaune. Ƙarfen irin mai tauri ne da ba a samu a kusa, sai da ya jira kwana goma sha biyu kafin a kawo masa guda ɗaya tak. Ya zo da gangar ƙarfen da ke zama a kan sandar, mai rami mai tsukewa, da takardar awo. Sanda duka mili ɗari tara. Wurin tsukewa ɗari shida, daga baki zuwa wata kafaɗa da ganga ke tokara. Gindi hamsin, baki arba'in da huɗu.

Mai shago ya daki ƙirji. "Ka kawo inda ya dace. Wannan dattijon da ido rufe yake yin irinta."

Saura Gashi ya daidaita bakunan sandar, ya huda ramukan tsini, ya fitar da kafaɗa da sauran wuraren da suke miƙe. Da rana ta take ya juya hularsa ya rubuta lambobi huɗu, ya kama hanyar gida. A shagon akwai mutum biyu da za su iya yi masa lissafin nan a bayan kwalin sigari. Amma wanda aka yi shekara talatin ana cewa da ido rufe yake yi, da wane baki zai tambaya?

Ya tarar Auta tana wanke-wanke a bakin rariya.

"Mijin Yaya, yau da wuri? Ko an kore ka ne mu huta?"

"Ta ci wani abu?"

"Cokali uku. Ni ta tsana, kai take jira, ban san me ta gani ba."

Ya shiga, ya saki labule, ya zauna a bakin gado. Ya juya hula ya karanta mata lambobin a hankali, ƙasa-ƙasa. Idanunta suka kafe a kansa. Ya ga leɓenta na motsi, ya san waƙar tana tafiya a ciki, hanyar fita ce babu.

"Bari in gwada, ke ki ji," ya ce. "Babba cire ƙarami, shida. Raba biyu, uku." Ya tsaya. Ya san akwai saura, yana jin amon sauran a kunnensa, amma kalmomin sun ƙi zuwa. Ya tuna sanduna da yawa da amsarsu ta tsaya a nan, bai tuna cewa waɗancan tun daga kai har wutsiya suke tsukewa ba. "Uku ke nan? Uku ne duka?"

Ta yunƙura, jijiyoyin wuyanta suka tashi. "Duu... ka."

"Duka?"

"Duka. Duka!"

Abin da take nufi, ninka da sanda duka. Wutsiya in ta goce, sandar gaba ɗaya take karkatarwa, tun daga tsinin kai, ba wurin tsukewa kaɗai ba. In ka goce uku a sanda mai ɗari tara, ɗari shidan da kake yankawa biyu kawai za su samu. Uku sau ɗari tara, a raba da ɗari shida, huɗu da rabi. Ta ma gama lissafin. Ta ɗaga hannun hagu har gaban fuskarta, yatsu huɗu a miƙe, babban yatsa a lanƙwashe rabi.

Shi kuwa mako uku bai yi barcin kirki ba, kuma amsar da yake so ya ji ke nan. Ya ɗauka cewa take, uku ne duka, tashi ka tafi. Ya kama hannun ya mayar mata kan ƙirji. Ta fizge ta sake ɗagawa, hawaye na bin gefen da ya karkace. Ya sake dannewa, da ɗan ƙarfi wannan karon.

"Na ji, na ji. Kwanta, kada ki wahalar da kanki."

Daidai nan Auta ta ɗaga labule da kwano a hannu. Abin da ta gani: yayarta na kuka, hannu a gaban fuska, namiji a sunkuye kanta yana danne hannun. Abin da ta ji: duka, duka. Ta saki labulen ta koma da kwanonta. Yana fita ta ɗauki waya.

A shago ya sassauta notin wutsiya, ya saki kusar gefe ɗaya, ya ɗaure ta ɗayan, allurar agogo ta zagaya sau uku ta tsaya. Ya cika ramin tsinin wutsiya da giris, don tsini a karkace yake zama in an goce, yana cin ramin. Ya ɗaura maƙalar da ke juya sanda, ya tayar da inji. Sau ɗaya zuciyarsa ta ce masa ukun nan ya yi kaɗan ga sanda mai wannan tsawo. Ya ce wa zuciyar, ke kin fi ta sani ne?

Wuƙa ta yi ta tafiya daga baki zuwa kafaɗa, ya dawo da ita, ya ƙara, ta sake tafiya. Da babu kafaɗar nan da ya ga tsukewar ta zarce inda ya kamata ta ƙare, ya farga. Amma kowane zuwa a jikin kafaɗa yake tsayawa, ba abin da ya nuna. Yana bin baki da ma'auni: arba'in da shida, arba'in da biyar, saura gashi, arba'in da huɗu cif. Sanda ta fito tana sheƙi kamar madubi.

Da la'asar mai injin ya dawo. Aka shafa wa sandar shuɗin gwaji, mutum biyu suka ɗaga ganga suka zura. Ta shige har kafaɗa ba gardama. Mai shago ya fara murmushi. Sai mai injin ya ɗora hannu a gindin gangar ya girgiza, aka ji ƙwal, ƙwal. Da aka zare, shuɗin ya gogu a baki kaɗai, zobe ɗaya siriri, sauran duk bai taɓa komai ba.

Mai shago ya karɓi ma'auni da kansa ya sa a gindi. Arba'in da takwas.

Ƙarfe in ya yi yawa a rage, in ya gaza sai kallo. Mai injin ya zauna a kan wani tsohon buhu ya riƙe kai. "Kwana goma sha biyu," yake ta faɗa, "kwana goma sha biyu."

"Nawa ka goce?" in ji mai shago.

"Uku."

"Uku? Baba, a ɗari tara? Ai rabin bambancin kawai ka ɗauka, ina tsawon sanda duka?"

Kalmar nan, duka, ta sauka masa a tsakiyar kai. Ya ga hannun nan a gaban fuskarta, yatsu huɗu da lanƙwasasshe. Bai ji sauran abin da mai shago ke faɗa ba, wai ya je gida ya huta, wai za a yi magana, wai tsufa ba laifi ba ne. Ya fita ko hannu bai wanke ba.

Tun daga bakin layi ya hango motar Yaya Babba a ƙofar gida, ƙofar baya a buɗe, an shimfiɗa katifa. Mata sun cika ƙofofi, benci ya cika ya batse. A tsakar gida an fito da Mai Keke an zaunar a kujerar roba, an naɗe ta da zane, ƙullin kayanta a gefe.

"Yaya, lafiya?"

"Kai za a tambaya." Yaya Babba bai rage murya ba, bai ma iya ba. "Mace a kwance, ba baki ba hannu, ita ka samu? Ashe teburin nan hannu gare shi."

"Da idona na gani," in ji Auta. "Tana kare fuska kana danne ta. Mako uku ba ta ce ruwa ba, ba ta ce Auta ba, kalmar da ta fara fitarwa duka! Shekara nawa tana haɗiyewa, Allah kaɗai ya sani."

"Ba wannan dukan ba ne," in ji Saura Gashi.

"Au, kala-kala ne?" in ji Auta. "Wanne ne naka?"

Wani a benci ya yi dariya, aka harare shi ya haɗiye.

Saura Gashi ya dubi taron. Akwai masu kai masa aiki a ciki, akwai wani ma daga shagonsu da ya biyo shi a baya don jin ƙarshen labari. Abu biyu gare shi a duniya, sunan nan da matar nan, ya kuma ga sai ya ajiye ɗaya kafin a bar masa ɗaya. Bai daɗe yana tunani ba. Ya cire hula ya juya cikinta, ya miƙa wa Yaya Babba.

"Ka ga lambobin nan? Ni ban iya lissafi ba. Ban taɓa iyawa ba. Duk sandar da na yi a garin nan ita ta lissafa, ni murɗa kusa kawai nake yi. Yau na kawo mata, na yi rabi na tsaya, take ce mini in ninka da sanda duka. Duka, gaba ɗaya. Hannun da ta ɗaga amsa ce take ba ni, huɗu da rabi. Ban gane ba, na je na lalatar da ƙarfen mutane. Ga wannan, a shagonmu yake, ku tambaye shi."

Mutumin shagon ya sunkuyar da kai. "Sanda dai ta lalace. Kuma huɗu da rabi ne daidai."

Wata tsohuwa daga gidan da ke jikin katanga ta ce, "Wallahi gaskiya ne, kullum muna jin su. Ni har na haddace." Wasu muryoyi suka goyi baya. Ba mu taɓa jin ko mari ta langa-langar nan ba, kuma da an yi da mun ji.

"Maƙwabta," in ji Yaya Babba, "ku da kuke cin gishirin juna. Mutumin da ya yi shekara talatin yana yi wa gari ƙarya, da bakinsa ya faɗa yanzu, ni ne zai gaya wa gaskiya yau?" Ya durƙusa gaban ƙanwarsa, muryarsa ta sauko, karo na farko a tarihin layin. "Ke, dube ni. Ba mai taɓa ki, ina nan. Me yake miki?"

Ta yi ta kokawa da harshenta. Kowa ya ga tana neman wata kalma dabam, idanunta na zuwa kan mijin suna dawowa. Amma bakin da ya sha wuya ya buɗe hanya ɗaya, ita kaɗai ya sani.

"Du... ka."

Auta ta rushe da kuka.

"Ku tsaya," in ji Saura Gashi. "Ku tsaya ku gani da idonku." Ya matso da sauri, hula a hannu, hannayen baƙi ƙirin da mai, ya sunkuya kanta, muryarsa ta zama tsawa. "Hamsin da arba'in da huɗu! Ɗari shida cikin ɗari tara! Nawa? Nuna musu! Nuna musu mana!"

Ta nuna. Hannun hagu ya taso a hankali, ya tsaya a gaban fuskarta, yatsu huɗu a miƙe, babba a lanƙwashe. Ta riƙe shi a nan da duk ƙarfin da ya rage mata, ta runtse ido don wahala.

"Kun gani?" ya juyo yana haki. "Huɗu da rabi!"

"Na gani," in ji Yaya Babba. "A gabana ma kare fuska take." Ya sa kafaɗa ya ture shi gefe, ba da mugunta ba, kamar yadda ake kawar da buhu daga hanya. Ya sunkuci ƙanwarsa da kujerar gaba ɗaya.

Babu wanda ya tare shi. Wanta ne, kuma kuka yake shi ma. Tsohuwar ta bi su har mota tana cewa a yi bincike, a kira manya, a bari a huce, Auta na cewa an gode, an gode. Da aka kwantar da ita a katifa hannun bai sauka ba, sai da Auta ta kama ta cusa shi cikin zane. Motar ta juya da ƙyar a ƙunƙuntar layin, ta taka kwatami, ta fice.

Ya daɗe tsaye a inda aka ture shi. Masu benci suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ya riga kowa zuwa shago. Ya ɗora sandar gwaji tsakanin tsini biyu, ya bi ta da agogo daga kai zuwa wutsiya, yana sakin kusa yana ɗaurewa, har allura ta daina motsi. Wutsiyar da aka bari a goce, duk wanda ya hau injin bayanka zai yanka karkatacce bai sani ba. Ya ɗaure noti, ya share gadon injin, ya jera wuƙaƙensa a kan tsumma. Da mai shago ya iso ya fara kame-kame, wai a bari ƙura ta lafa, sai ya ce masa wutsiya tana tsakiya, ya miƙa masa makullin akwatin kayan aiki.

Daga nan gida ya koma, don a rikicin jiya an manta da magungunanta a kan taga, har da na hawan jini da ba a so a tsallake. Ya ƙulle su a leda, ya haɗa da ƙaramin cokalin da bakinta ya saba da shi. Gidan Yaya Babba yana can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa, shi da ƙafa ya tafi. Ya isa rana ta take, ya yi sallama sau uku a bakin ƙofar ƙarfe. Wata mata da bai sani ba ta buɗe kaɗan, ta dube shi sama da ƙasa.

"Maganinta ne. Fari da safe, ja bayan ta ci abinci. Ta gefen hagu ake ba ta ruwa, in ba haka ba tana ƙwarewa."

Matar ta karɓi ledar.

"Ko zan iya ganinta? Daga bakin ƙofa ma ya isa."

"Tana barci," in ji matar, ta tura ƙofa, ya ji an zura sakata.

Akwai wani dutse a gindin katangar gidan da ke kallon ƙofar. Ya kakkaɓe shi da hula, ya zauna yana jiran ta tashi.